Bidiyon Neman Ma'aikatan Jinya: Yadda Ake Rubuta Shi da Gaskiya

Bidiyon neman ma'aikatan jinya gajeren fim ne da asibiti yake shiryawa idan yana da guraben aiki, domin nas-nas su ga wurin da idonsu kafin su tura takardu. Tsawonsa bai cika wuce minti biyu zuwa huɗu ba, kuma abubuwa uku ne suke riƙe da shi: muryoyin ma'aikatan da suke aiki a asibitin, hotunan ɗakunan kwantar da majinyata, da bayanin yadda aikin yake. Kafin a kunna kyamara sai an yi rubutu, wato takardar da za ta faɗi wanda zai yi magana, abin da za a gani, da daƙiƙa nawa kowane sashe zai ci. A wannan takarda ake yanke shawarar da ta fi kowace nauyi, wato ko za a nuna aikin yadda yake, ko za a yi masa kwalliya.

Wanda ake yi wa bidiyon ya bambanta da mai kallon tallar sabulu ko ta banki. Ma'aikaciyar jinya ta yi shekaru a makaranta tana zagaya ɗakunan asibiti, ta yi aikin dare, ta wanke gyambo, ta tsaya a kan majinyaci har rai ya yi halinsa. Ba ta buƙatar a gaya mata cewa aikin jinya aikin lada ne, ta riga ta sani. Abin da take nema ƙayyadadde ne: majinyata nawa za a bar mata a dare ɗaya, wa za ta kira idan abu ya rikice da ƙarfe uku na dare, akwai safar hannu da iskar oksijin ko sai an aika dangi su sayo, yaushe ake biyan albashi, kuma akwai masauki ko babu. Rubutun da ya amsa waɗannan tambayoyi ya yi aikinsa. Wanda ya tsallake su ya koma yabon gini da fenti, mai kallo za ta ɗauka cewa amsoshin ne ba su da daɗin ji.

Asalin dabarar

Tunanin nuna wa mai neman aiki wahalar aiki tun kafin ya shiga ya girmi bidiyon wayar hannu nesa ba kusa ba. A shekarar 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Joseph Weitz, ya gwada shi a kan masu neman aikin sayar da inshora. An ba wasu ɗan littafi mai bayyana yadda ranar aiki take tafiya da gaske, wasu kuma ba a ba su ba, sai aka ga waɗanda suka karanta littafin sun fi zama a aikin. A 1973 John Wanous ya yi irin wannan gwaji da fim, a kan matan da wani kamfanin tarho ya ɗauka aikin haɗa kira. Rukuni ɗaya ya kalli fim ɗin da aka saba nunawa, mai cike da yabo. Ɗaya rukunin ya kalli fim mai faɗin gaskiya, har da gundurar aikin da sa idon da shugabanni suke yi. Fim ɗin gaskiya bai kori mutane daga karɓar aikin ba, amma ya sauko da tsammaninsu daidai da abin da za su tarar, kuma waɗanda suka kalle shi ba su cika tunanin ajiye aiki ba.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tasirin dabarar matsakaici ne, kuma ya kamata mai rubutu ya riƙe wannan a ransa. Bidiyo ba ya gyara albashin da ba ya isa, ba ya ƙara ma'aikata a ɗakin da babu su. Abin da yake iya yi biyu ne. Na farko, wadda aikin bai dace da ita ba takan janye da kanta tun kafin a ɓata lokaci a kan ganawa da horo. Na biyu, wadda ta zo takan zo da shiri, don haka daren farko mai tsanani ba ya zame mata yaudara. Mutum yana jure wahalar da aka gaya masa fiye da wadda aka ɓoye masa, ko da nauyinsu ɗaya ne.

A fagen jinya wannan yana da tsada ta musamman, saboda ma'aikatan sun yi ƙaranci a ko'ina. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, kuma mafi yawan giɓin yana ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2023 hukumar ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsananta a cikinsu, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Ga shi kuma dubban nas-nas suna barin Nijeriya zuwa Birtaniya da Saudiyya da wasu ƙasashe. Asibitin da ke Gusau ko Azare ba zai iya gasar albashi da asibitin Landan ba, kuma idan ya yi ƙoƙarin gasar ƙyalli a bidiyo shi ne zai sha ƙasa. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi wadda za ta zauna, kuma wadda za ta zauna ita ce wadda ta san abin da ta zaɓa.

Tattara muryoyi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna a ofis a rubuta wa ma'aikata abin da za su faɗa, sannan a ba su su haddace. Nas ba 'yar fim ba ce. Da zarar ta fara karanto jimlar da wani ya tsara, idonta yakan tsaya cak, muryarta ta koma ta mai karanta sanarwa, kuma abokan sana'arta suna gane hakan cikin daƙiƙa biyar. Hanyar da ta fi ita ce a fara da hira, a yi rubutu daga baya. Marubucin yakan zauna da ma'aikata shida zuwa takwas, ɗaya bayan ɗaya, na kamar minti ashirin kowannensu, yana naɗar murya a waya. Daga waɗannan hirarraki ake zaɓen mutum uku ko huɗu da za su fito, kuma daga bakinsu ake ciro jimlolin da za su shiga takarda.

Zaɓen mutanen ma yana da ƙa'ida. Ana son sabuwar ma'aikaciya wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, domin ita ce ta fi tuna firgicin makonnin farko, kuma ita mai kallo za ta fi ganin kanta a cikinta. Ana son wadda ta daɗe, shekara goma ko fiye, domin zamanta kaɗai shaida ne. Ana son shugabar ɗaki, wadda ake kira Sista ko Matiron, domin ita ce take tsara jadawalin aiki kuma ita ce za ta iya faɗin lambobi. Idan akwai namiji a cikin ma'aikatan yana da kyau ya fito, saboda mafi yawan ma'aikatan jinya a duniya mata ne, kuma saurayin da ya karanci jinya yana son ya ga cewa ba shi kaɗai zai zama ba. Shugaban asibiti kuwa ba shi da gurbi sosai a irin wannan bidiyo. Idan dole ne ya fito, daƙiƙa goma sun ishe shi, kuma ya fi kyau ya faɗi alƙawari guda da za a iya kama shi da shi.

Irin tambayar ita take haifar da irin amsar. Idan aka tambayi ma'aikaciya ko tana jin daɗin aikinta, za ta ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Idan aka ce ta ba da labarin daren da ya fi ba ta wuya a watan jiya, ko abin da ta so a ce an gaya mata kafin ta fara, ko wanda ya taimake ta ranar da ta kasa samun jijiyar jariri, sai labari ya fito da sunan abu da lokaci da wuri. Dole ne a yi hirar ba a gaban shugabanni ba. Ƙaramar ma'aikaciya ba za ta ce aiki ya yi yawa ba alhali Matiron tana zaune tana kallonta, kuma wannan ladabi ne da aka tashi da shi, ba a tsammanin kyamara ta kawar da shi. Haka kuma sai a ba kowace ma'aikaciya damar ganin jimlolinta kafin a fitar, ta kuma san cewa ƙin fitowa ba zai shafi aikinta ba. Wasu matan ba sa son fuskarsu ta yawo a wayoyin mutane, ko mazajensu ba sa so. Irin waɗannan ana iya amfani da muryarsu a ɗora a kan hoton hannayensu suna aiki.

Fasalin takardar

Ana raba shafin gida biyu. Gefen hagu na abin da ido zai gani ne, gefen dama na abin da kunne zai ji, kuma a bakin kowane layi ana rubuta lokaci. Wannan rabo yana tilasta wa marubuci ya tambayi kansa, a kowace jimla, me za a nuna yayin da ake faɗinta. Magana cikin natsuwa tana cin kalma biyu ko ɗan fiye da haka a daƙiƙa guda, saboda haka bidiyon minti uku ba ya ɗaukar fiye da kalma 300 zuwa 350, idan har ana son a bar wa sautin ɗakin nasa fili. Wannan kaɗan ne ƙwarai, bai kai shafi guda ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a karanta rubutun da ƙarfi ana duba agogo. Idan ya wuce lokaci, jimla ake cirewa, ba a sa mai magana ta yi sauri.

Misali daga ɗakin yara

A ɗauka wani babban asibiti ne a wani gari na Arewa yake neman ma'aikatan jinya goma sha biyu domin ɗakin yara. Ɗakin yana da gado 40. Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake ƙamari, yara sukan kai 60, biyu a gado ɗaya. Da dare nas biyu ne da mataimaki guda. Asibitin yana da masauki ga ma'aikata, yana da wutar sola a ɗakin yara, kuma yana haɗa sabuwar ma'aikaciya da tsohuwa na makonni shida. Duk waɗannan lambobi na misali ne, haka ma maganganun da za su biyo baya, amma da irinsu ake gina rubutu na gaske.

Daƙiƙa goma sha biyar na farko ba su da magana ta musamman. Hagu: ƙarfe takwas saura na safe, masu aikin dare suna miƙa aiki ga masu aikin safe, suna tafiya daga gado zuwa gado da littafin rahoto. Dama: sautin ɗakin kawai, kukan yaro daga nesa, takun ƙafa, da muryar mai miƙa aiki tana cewa gado na bakwai ya kwana da zazzaɓi. An zaɓi miƙa aiki ne domin duk ma'aikaciyar jinya a duniya ta san wannan lokaci, kuma daga yadda ake yin sa take gane ko ɗaki yana da tsari. Buɗe bidiyo da hoton ƙofar asibiti daga sama, da kiɗa mai tashi, ɓata daƙiƙun da suka fi tsada ne, domin a nan mai kallo take yanke shawarar ci gaba ko wucewa.

Daga daƙiƙa 15 zuwa 50 sabuwar ma'aikaciya ce take magana, ana nuna ta tana auna zafin jiki da bugun zuciya, tana lissafin magani a kan nauyin yaro. Jimlarta tana iya zama kamar haka: “Makona na farko na kasa saka wa jariri kanula sau uku. Sista ta zo ta riƙe min hannunsa, ta ce in sake. Yanzu ni ake kira.” Wannan gajeriyar magana ta ɗauki abubuwa uku a lokaci guda, cewa aikin yana da wuya, cewa ana koyarwa, kuma ba a wulaƙanta wanda ya kasa. Da marubuci ya rubuta cewa asibitin yana ba da horo mai inganci, da babu wanda zai tuna.

Sashe na uku, daga daƙiƙa 50 zuwa 95, shi ne zuciyar bidiyon, kuma shi ne wanda hukumar asibiti takan so a cire. Hagu: dare, fitila ɗaya a teburin ma'aikata, iyaye mata kwance a tabarmi tsakanin gadaje, agogon bango yana nuna ƙarfe biyu. Dama: Matiron tana faɗin lambobin ba tare da ado ba. “Da damina yara sukan kai sittin a gado arba'in. Da dare mu biyu ne da mataimaki ɗaya. Ba na ɓoye wa kowa wannan.” Sai tsohuwar ma'aikaciya ta karɓa ta bayyana abin da lambar take nufi a aikace. Yaron da aka kwantar da zazzaɓi mai tsanani ana yi masa allurar atesunet a lokacin da ya zo, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. Wanda ya zo da ƙarfe biyu na rana, allurarsa ta biyu da ƙarfe biyu na dare take faɗawa, ko an gaji ko ba a gaji ba. A gefe guda kuma yara masu tamowa suna jiran madararsu ta musamman duk bayan awa biyu ko uku, wasu ta bututun hanci. Mai kallo da ta san aikin za ta yi lissafin da kanta: yara talatin ga nas guda, babu zama.

A wannan sashe ne ake ambaton mutuwa, kuma sai an yi hattara. Ba a nuna gawa, ba a nuna uwa tana kuka. Jimla ɗaya daga bakin wadda ta daɗe ta wadatar: “Akwai daren da za ki rasa yaro duk da kin yi iya yinki, kuma ke ce za ki gaya wa uwarsa.” Bayan jimlar sai a bar daƙiƙa biyu ko uku babu magana. Masu tace fim sukan so su cike wannan gurbi da kiɗan tausayi, alhali kiɗan yana mai da gaskiya ta koma wasan kwaikwayo.

Daga daƙiƙa 95 zuwa 130 ake faɗin abin da asibitin yake bayarwa, kuma tsarin jerin yana da dalili. Wahalar da aka faɗa a baya ita ce take sa a yarda da alherin da za a faɗa yanzu. Ƙa'idar ita ce kowace wahala a haɗa ta da abin da ake yi a kanta, idan akwai. An ce dare yana da nauyi, to sai a faɗi dare nawa ake yi a jere da hutun kwana nawa yake biyo baya. An ce nas biyu ne, to sai a faɗi cewa sababbi goma sha biyun da ake nema za su mai da su uku. Sai a nuna masaukin yadda yake, ɗaki da banɗaki da famfo, a nuna na'urar oksijin tana aiki da wutar sola. Idan babu abin da ake yi a kan wata wahala, sai a faɗe ta a bar ta haka. Alƙawarin da ba a sa hannu a kansa ba, kamar cewa ana shirin gina sabon ɗaki, ba ya shiga rubutu.

Batun albashi a nan yake. A asibitocin gwamnatin tarayya a Nijeriya ana biyan ma'aikatan jinya a kan tsarin albashi na CONHESS, kuma faɗin matakin da za a ɗauki mutum a kai ya wadatar, domin masu sana'ar sun san abin da kowane mataki yake nufi. Jihohi sun bambanta wajen yadda suke aiwatar da tsarin, asibitoci masu zaman kansu kuma kowanne da nasa, don haka a can ya fi kyau a faɗi adadi ko iyakarsa ta ƙasa da ta sama, da alawus na aikin dare idan akwai. Jimlar nan ta “albashi mai tsoka” ba ta gaya wa kowa komai, kuma duk wanda ya taɓa neman aiki ya san cewa inda albashi yake da tsoka ba a jin kunyar faɗinsa.

Daƙiƙa 130 zuwa 160 na dalilin zama ne. Tsohuwar ma'aikaciya tana iya cewa: “Yaron da aka kawo a sume ranar Litinin, ranar Alhamis yana ƙwace wa ƙanwarsa ƙosai. Shi ya sa har yanzu ina nan.” Hagu: uwa tana goya yaro, tana naɗe tabarma, an sallame su. Daƙiƙa ashirin na ƙarshe rubutu ne a kan allo, ana kuma karanta shi da murya: yawan guraben, takardun da ake buƙata, ranar rufewa, da inda za a tura. A Nijeriya babbar takarda ita ce rajista da lasisi mai rai daga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma. Yana da amfani a ƙara layi ɗaya mai cewa ba a biyan ko sisi domin neman wannan aiki, saboda 'yan damfara sukan ɗauki sanarwar gaske su liƙa mata lambar wayarsu.

Ɗaukar hoto a ɗakin majinyata

Ɗakin asibiti wurin jinya ne kafin ya zama wurin ɗaukar fim, kuma mutanen da suke kwance a ciki ba su zo domin a nuna su ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. A aikace wannan yana nufin izini a rubuce daga duk wanda za a gane fuskarsa, daga iyaye idan yaro ne, a harshen da suke ji, tare da bayyana musu cewa bidiyon zai yawo a intanet kuma ba a iya janye shi idan ya fita. Akwai wata matsala da takardar izini ba ta warwarewa. Uwar da ɗanta yake kwance ba ta jin tana da ikon ce wa ma'aikacin asibiti a'a, tana tsoron kada a yi sakaci da yaron. Saboda haka bai kamata mai neman izinin ya zama wanda yake jinyar yaron ba, kuma ya fi kyau a nemi izini daga waɗanda aka riga aka sallama.

Rubutu mai kyau yana rage buƙatar fuskoki tun daga takarda. Ana iya rubuta hoton hannu yana daidaita ɗigon ƙarin ruwa, ko ƙafar yaro a kan sikeli, ko ɗaki daga nesa ta bayan ma'aikaciya. Abin da ake yawan mantawa shi ne rubuce-rubucen da suke bango da teburi: allon sunayen majinyata, folda a buɗe, takardar da aka liƙa a jikin gado, sunan da aka rubuta a jakar jini. Kyamarar yau tana ɗaukar waɗannan tsaf, kuma mai kallo yana iya tsayar da bidiyo ya karanta.

Sai kuma kurakuran sana'a, waɗanda mai ɗaukar hoto ba zai gani ba amma masu kallo za su gani nan take. Ma'aikaciya ta mayar da murfin allura da hannu biyu bayan ta yi amfani da ita maimakon ta jefa a kwalin allurai. Ta taɓa majinyaci, ta wuce wurin na gaba da safar hannu ɗaya. Agogo da zobba a hannu yayin wanke ciwo. Jakar fitsari a kan gado maimakon ƙasa da mara. Irin wannan yakan faru ne musamman idan an ce a maimaita abu domin kyamara, sai hankali ya koma kan fim. Maganinsa shi ne a sa wata babbar ma'aikaciya ta tsaya kusa da mai ɗaukar hoto da ikon tsayar da ɗauka, ta kuma kalli bidiyon kafin a fitar. Akwai kishiyar wannan kuskure, wato a share ɗaki a yi masa sababbin zannuwa, a aro na'ura daga wani sashe domin ranar ɗauka kaɗai. Ma'aikatan asibitin da kansu ne za su fara tona wannan a zaurukan WhatsApp na abokan karatunsu, kuma a can ne ainihin masu neman aikin suke jin labari.

Sauti ya fi hoto saurin lalata aiki. Ɗakin asibiti yana da fanka da janareta da amsa-kuwwar bango, don haka hirarraki ana yin su a ƙaramin ɗaki mai shiru da makirufo na maƙalawa a riga, sannan a ɗora muryar a kan hotunan ɗakin. Tun da yawancin masu kallo a waya za su gani, wasu ma ba tare da buɗe sauti ba, ana rubuta maganar a ƙasan hoto. Idan ma'aikata sun fi sakewa da Hausa, a bar su su yi da Hausa a fassara a rubuce, domin wadda za ta zo daga wata jiha ita ma tana buƙatar ta san cewa da Hausa ake magana da iyayen yara a wannan ɗaki.

Gwajin rubutu da auna sakamako

Kafin a ɗauki ko hoto ɗaya, ana karanta wa ma'aikatan dare biyu ko uku rubutun, waɗanda ba sa cikin bidiyon, a tambaye su wace jimla ce ba haka take ba, kuma me aka bari. Dariyar da za su yi a wani layi ita ce alamar cewa layin ƙarya ne. Gwaji na biyu shi ne a rufe sunan asibitin a karanta. Idan rubutun zai dace da kowane asibiti a ƙasar, to bai faɗi komai a kan wannan ba, sai a koma a nemo lambobi da lokuta da sunayen abubuwa.

Bayan an fitar da bidiyon, yawan waɗanda suka kalla ba shi ne ma'auni ba, haka ma yawan takardun da aka turo, domin bidiyon gaskiya yana iya rage takardu ya kuma inganta su. Abin da ake dubawa shi ne nawa ne cikin waɗanda aka ɗauka suka zo suka kama aiki, nawa ne suke nan bayan wata uku, da bayan shekara guda. A asibitin misalin nan, ranar da ta fi dacewa a ƙirga ita ce ƙarshen Oktoba, bayan sababbin sun ga damina guda. A lokacin ne kuma ake tambayarsu abin da suka tarar wanda bidiyon bai faɗa ba, a rubuta amsoshin domin gyara na gaba. Idan lambobin ɗakin suka canja, misali masu aikin dare suka koma uku ko aka daina ba da masauki, sai a sake naɗar wannan sashe ko a sauke bidiyon gaba ɗaya.